Takarda ta ce maleriya da taifot: abin da ya same mu a gidanmu na Sabo

Duk wanda ya zauna a kudu, ko Sabo Ibadan ne, ko Agege, ko Ama Hausa, ya san wannan magana: an je an yi gwaji, an ce maleriya da taifot ne. Mun ji ta har ta zame mana kamar gaisuwa. Mutum ya kwana biyu da zazzaɓi, ya je ɗakin gwaji na bakin titi, a ɗebi jini, bayan awa ɗaya a miƙo masa takarda mai layi takwas da lambobi, ya kai wa mai kemis, a rataya masa ƙarin ruwa, a haɗa masa ƙwayoyi a leda. Mu ma haka muke yi shekara da shekaru, kuma ba mu taɓa tambayar abin da lambobin nan suke nufi ba, sai da wani yaro na gidanmu ya kusa rasa ransa da takardar gwaji biyu a aljihun babansa.

Gidan haya ne, iyali shida, rijiya ɗaya a tsakar gida, bayi biyu a baya. Yaron shekararsa 11, ɗan maƙwabcinmu tela. Ba za mu faɗi sunansa ba, amma babansa ya yarda mu ba da labarin.

A tsakiyar damina yaron ya yi maleriya ta sosai, irin wadda kowa ya sani. Da rana yana wasa, da magariba rawar ɗari ta kama shi har haƙoransa na haɗuwa, aka lulluɓe shi da bargo, jiki ya ɗau zafi, can cikin dare gumi ya karyo, da safe ya tashi kamar ba shi ba, washegari abin ya dawo. Aka yi masa gwajin yatsa, layi biyu ya fito, aka ba shi maganin nan na kwana uku da ake kira ACT, ƙwaya uku safe da yamma gwargwadon nauyinsa. Kafin ya gama sha zazzaɓi ya tafi. Wannan karon komai ya tafi daidai.

Bayan kamar mako uku ya sake cewa kansa na ciwo. Wannan karon babu rawar ɗari mai ƙarfi. Kasala ce, da ƙin abinci, da ɗan ɗumin jiki da yamma. A rana ta uku mahaifiyarsa ta kai shi kemis, aka sake gwajin yatsa, layi biyu ya sake fitowa. Mai kemis ya ce maleriyar ce ta dawo, ya ba da ACT. Yaro ya shanye ƙwayoyinsa tsaf, amma jikin sai ƙara zafi yake, kullum ya ɗara na jiya.

Kuskure na farko a nan yake, kuma sai daga baya aka fahimtar da mu. Gwajin yatsa, wanda suke rubutawa RDT, ba ƙwayar maleriya mai rai yake gani ba. Yawancin waɗanda ake sayarwa a ƙasar nan wani sinadari suke nema da ƙwayar take saki a cikin jini, sunansa HRP2. Wannan sinadari ba ya ɓacewa ranar da magani ya kashe ƙwayar. Yakan yi mako biyu, uku, wani lokaci har ya wuce wata yana yawo a jini. Wato wanda ya warke daga maleriya mako uku da suka wuce, idan aka tsaga yatsarsa yau, layi biyu zai iya fitowa alhali babu sauran cuta. Kamar toka ce a murhu: tana nuna an yi wuta, ba ta nuna wutar na ci yanzu. Da mai kemis ya tambaya yaushe yaron ya sha maganin maleriya na ƙarshe, da ya san wannan gwajin ba zai raba gardama ba, sai a duba jinin a madubin likita, inda ake ganin ƙwayar kanta a ƙirga ta.

Ko da madubin ma akwai abin lura. A ƙasar da sauro bai ɗauke ba, manya da yaran da suka ɗan tasa da yawa suna yawo da 'yan ƙwayoyin maleriya a jininsu ba tare da ciwo ba, saboda jiki ya saba. Irin wannan mutum idan wani ciwo daban ya kawo masa zazzaɓi, za a duba a ga ƙwaya kaɗan, a rubuta alamar ƙari ɗaya, a ce an gano. Ba ƙarya aka yi ba, ƙwayar tana nan, kuma daidai ne a ba da maganinta. Sai dai ganinta bai tabbatar da cewa ita ce ta kwantar da shi ba. Abin da ke tona wannan shi ne lokaci. Maleriyar da ba ta yi tsanani ba, idan aka sha ACT mai kyau yadda ya kamata, zazzaɓinta kan sauka cikin kwana biyu zuwa uku. In an gama kwana ukun nan jiki na ƙara zafi, to ko maganin jabu ne, ko an amayar da shi, ko kuwa tun asali ba maleriya ba ce kaɗai. A kowane hali, abin yi shi ne komawa wurin likita, ba sayen wani kwalin ba.

Mu kuwa ɗakin gwaji muka tura su, a rana ta shida. Kuma a nan ne abin ya zama abin dariya mai ciwo. Kawun yaron, ƙanin babansa, mai tura kaya a kasuwa, shi ya raka su. Da ma ya kwana biyu yana kukan gajiya da ciwon gaɓoɓi, sai ya ce tunda ya zo bari shi ma a duba shi. Takardar yaron ta fito: ba a ga ƙwayar maleriya ba, gwajin Widal kuma O ya nuna 1/40, H ya nuna 1/80. Mai gwajin ya ce wannan ba komai ba ne, ba shi da taifot, maleriya ce mai taurin kai ta ɓuya saboda maganin da ya sha, a yi masa allura. Takardar kawun kuma ta fito da 1/160 a layi biyu, an ja musu jan biro. Aka ce taifot ta yi masa yawa. Shi da ya zo da ƙafarsa yana zolayar yaro, shi aka rataya wa ruwa leda biyu aka haɗa wa sifro na kwana goma. Yaron da ke kwance a benci ko zama ba ya iyawa, aka yi masa allurar maleriya aka ce ya tafi gida.

Sai mun tsaya a kan wannan gwaji na Widal, domin shi ne tushen rikicin. Wani likita Bafaranshe mai suna Georges-Fernand Widal ne ya fito da shi a 1896, tun kafin Bature ya ci Kano. A zamaninsa babban ci gaba ne. Amma gwajin ba ya neman ƙwayar taifot, wadda ake kira Salmonella Typhi. Abin da yake nema shi ne makaman da garkuwar jiki ta ƙera domin yaƙar ƙwayar. Ana ɗaukar ruwan jinin mutum a haɗa shi da matacciyar ƙwayar cutar da aka sayo a 'yan kwalabe, in ya dunƙule kamar madarar da ta tsinke, to akwai makaman. Sai a yi ta surka ruwan jinin a ga iya inda zai daina dunƙulewa. In an surka shi ninki 80 yana dunƙulewa, a rubuta 1/80. In ya kai ninki 160, a rubuta 1/160. Lambar ke nan. Ba yawan cuta take aunawa ba, yawan makamai take aunawa. Harafin O na jikin ƙwayar ne, H na 'yar wutsiyar da take iyo da ita. Sauran layuka shida na 'yan uwanta ne da ake kira faratayifot, kashi A da B da C.

Daga nan mutum zai ga ta inda ɓarakar take. Jiki ba ya ƙera makamai a rana ɗaya. Sai wajen ƙarshen makon farko na ciwo suke fara yawa, wani sai mako na biyu, wani ma ba sa hawa sosai har ya warke ko ya mutu. Saboda haka yaron da aka gwada a rana ta shida zai iya zama da taifot ta gaske lambarsa na ƙasa. Abin da ya faru da namu ke nan.

Ta ɗaya gefen kuma, makaman ba sa tafiya da wuri, musamman na H, wanda kan daɗe watanni har shekaru. Duk wanda ya girma yana shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, yana cin abincin kasuwa, ya sha haɗuwa da wannan ƙwaya ko danginta, ko bai taɓa kwanciya ba. Dangin Salmonella suna da yawa ƙwarai, wasu a kaji da ƙwai da nama suke, su sa mutum zawo na kwana biyu su wuce, amma suna da kamanni da ta taifot, don haka makaman da jiki ya ƙera musu su ma suna sa gwajin ya dunƙule. Wanda aka yi wa wasu alluran rigakafin taifot shi ma haka. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, maleriya kanta tana iya tayar da lambar Widal, domin tana zaburar da garkuwar jiki gaba ɗaya, tsofaffin makamai su taso. Ashe wannan na cikin dalilan da suka sa kullum ake ce mana maleriya da taifot tare, kamar Hassan da Usaini. Mutum na iya kamuwa da su biyun a lokaci guda, ba a musa ba, amma bai kai yadda takardun nan suke nunawa ba. Sau da yawa maleriya ce ita kaɗai, Widal ɗin amsa-kuwwa ce.

Yadda aka tsara gwajin tun asali, sau biyu ake yin sa. A ɗebi jini a farkon ciwo, a sake ɗiba bayan kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu, misali daga 1/40 zuwa 1/160. Wannan hawan shi ne shaida. To wa zai jira mako biyu da marar lafiya a kwance? Shi ya sa aka koma yin sa sau ɗaya, kowane ɗakin gwaji ya yanke wa kansa lambar da zai ja wa jan biro, wannan ya ce 1/80, wancan ya ce 1/160. Ga shi yawanci a kan faranti ake yi cikin 'yan mintoci, da ido ake ƙiyasta dunƙulewar, kwalaben kuma kamfani daban-daban ne, wasu sun sha zafi saboda rashin wuta a firiji. Ka kai jini ɗaya wuri biyu a rana ɗaya, ba abin mamaki ba ne ka dawo da amsa biyu.

Mu koma kan yaron. Allura kwana uku ba ta yi komai ba. Zuwa rana ta tara zazzaɓin ya daina sauka ko da safe, farasitamol kan ɗan danne shi na awa uku ya dawo. Ya kwana huɗu bai yi bayan gida ba, cikinsa ya ɗan kumbura, harshensa ya yi fari, yana busasshen tari kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ya yi shiru. Yaro mai surutu ya koma kallon rufi, ka kira sunansa sau biyu kafin ya juyo. Da dare yana 'yan maganganu marasa kan gado. Wasu cikinmu suka ce shawara ce a nemo saiwa, matan maƙwabta Yarbawa suka kawo agbo, wata tsohuwa ta ce a yi masa turare. Babu wanda ya kawo taifot a ransa, tunda takarda ta riga ta ce babu.

Alhali duk wanda ya san cutar, da ya ji wannan jerin zai tsargu. Maleriya kan faɗo wa mutum ne farat ɗaya, ta hau ta sauka, da sanyi da gumi, tsakani mutum ya ɗan samu sarari. Taifot kan shigo a hankali, zafin na hawa kamar matakala cikin makon farko, sannan ya tsaya a sama, 39 zuwa 40, ba ya bari. Ciki kan shiga ciki: ko bayan gida ya ɗaure, ko zawo, da ciwo da kumburi. Wani lokaci bugun jijiya ba ya sauri gwargwadon zafin jikin. Littattafan likitoci suna maganar wasu jajayen ɗige a ƙirji da ciki, amma a baƙar fata da wuya a gan su. Kada dai wani ya ɗauki wannan ya zama likitan gidansa. A kwana ukun farko cututtukan biyu suna kama da juna ƙwarai, ciwon kai ne da zafi da kasala da amai, maleriya ma takan sa ciwon ciki da zawo musamman ga yara, kuma ba kullum take bin tsarin hawa da sauka ba. Ƙwararren likita ma ba ya raba su da ido a farko. Maleriya kuma tana kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka ba a zama a ce bari a ga salon zazzaɓin. Gwajinta ake yi tun ranar farko. Abin da muke cewa shi ne, idan aka wuce kwana uku da huɗu, yadda ciwon yake tafiya shi ma shaida ne, kuma wani lokaci ya fi takarda gaskiya.

A rana ta goma sha ɗaya kawun, da zuciya ɗaya, ya ɗauko ragowar sifronsa ya ce a gwada wa yaron, tunda shi ya ji daɗinsa. Aka raba ƙwaya biyu ana ba shi rabi, kwana biyu, ƙwayoyin suka ƙare. Jikin ya ɗan yi sauƙi yini ɗaya, muka ce Alhamdulillahi.

Daren rana ta goma sha shida, wajen ƙarfe biyu, ihunsa ya tashe mu. Ya riƙe ƙasan cikinsa ta dama, ba ya yarda a taɓa. Cikin ya yi tauri kamar allo, numfashi sama-sama, hannuwa sun yi sanyi. Mahaifiyarsa ta taɓa goshinsa ta ce ai zazzaɓin ma ya sauka. Wata 'yar gidanmu da ta taɓa aikin jinya a asibiti ta kama hannunsa, ta ji jijiya na gudu, ta ce wa baban, "Yaya, wannan saukar ba ta alheri ba ce, a nemo mota yanzu."

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirji da ciki, aka ga iska a inda bai kamata ta kasance ba. Likitan, wanda ya yi bautar ƙasa a arewa yana jin Hausa, ya ce wa baban, "Malam, hanjin yaronka ya huje, sai tiyata, kuma ba za mu jira gari ya waye ba." Baban ya zaro takardar nan ya ce, "Likita, ai an gwada an ce ba shi da taifot." Likitan ya duba kwanan watan da ke jiki, ya tambaya ranar da ciwon ya fara, ya ninke takardar ya mayar masa.

Daga baya ya yi mana bayani. Ƙwayar taifot ta baki take shiga, a ruwa ko abincin da bayan gidan ɗan Adam ya taɓa, domin ba ta zama a dabba, a jikin mutum kaɗai take rayuwa. Takan yi mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ciwo ya bayyana. Tana ratsa bangon hanji ta shiga jini, ta zauna a hanta da saifa da ɓargo, sannan ta biyo ta matsarmama ta dawo hanji. A ƙarshen ƙaramin hanji akwai wasu 'yan kulluttai na garkuwar jiki. Su ne suke kumbura su zama gyambo, a mako na biyu zuwa na uku gyambon ya zubar da jini ko ya huje, ƙazanta ta malala cikin ciki. A hanjin yaron rami ɗaya suka samu, suka ɗinke, suka wanke cikin. Ya yi kusan mako uku a asibiti, ɗinkin ya ɗan yi ruwa sai da aka yi ta wankewa. Abin da aka kashe, da gudummawar 'yan gida da ta 'yan uwa a kasuwa, ya fi kuɗin keken ɗinkin baban.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara ɗaure mana kai. A daren da aka kwantar da shi an ɗebi jininsa domin gwajin kalca, wanda shi ne gwajin taifot na haƙiƙa. Ana zuba jinin a kwalba mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumi, in akwai ƙwaya mai rai za ta hayayyafa a gan ta, a san sunanta, a kuma gwada magunguna a kanta a ga wanda ke kashe ta. Bayan kwanaki sakamako ya fito: babu abin da ya tsiro. Muka ce to, ashe ba taifot ba ce? Likitan ya ce ita ce, ya gani da idonsa a hanjin. Ya ce kalca in ta nuna akwai, to akwai, babu tantama. Amma in ta ce babu, ba a rantsuwa a kai, domin ƙwayar ba ta da yawa a jini, ko an yi komai daidai kusan rabi ko ɗan fiye da haka take kamawa. Ta fi kamawa a makon farko, da jini isasshe, kuma kafin a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mu mun zo a mako na uku, bayan rabin sifron kawu. Wannan rabin ƙwayar bai isa ya warkar ba, amma yana cikin abin da ya ɓata gwajin.

Ya ƙara ja mana kunne a kan wannan sifro da amoksil da muke sha duk lokacin da Widal ta hau. Magungunan da a da suke kashe taifot cikin sauƙi, irin su kuloramfenikol da amfisilin da seftirin, a wurare da yawa ƙwayar ta daina jin su, sifro ma yana bin sahu. A Pakistan, tun daga 2016, aka samu wani nau'in taifot a lardin Sindh wanda har allurar seftirayazon ba ta kama shi. Duk leda ɗaya da aka sha a kan taifot ɗin takarda, horo ne ake ba ƙwayoyin cuta. Ga kuma asarar da ba a gani: mutumin da ake ta yi wa maganin taifot sau uku sau huɗu a shekara, wataƙila ciwon fitsari ne ke damunsa, ko tarin fuka, ko ciwon hanta, ko ciwon suga, ana ta rufe shi da ƙarin ruwa. Ga 'yan uwanmu da ke Edo da Ondo da Ebonyi kuma, musamman da rani, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ya ƙi jin antibayotik, dole a kawo zazzaɓin Lassa a rai, domin shi ma da haka yake farawa, kuma maganinsa a kwanakin farko ya fi amfani.

Yaron yana asibiti ƙanwarsa mai shekara 7 ta fara ciwon kai da ɗumin jiki. Wannan karon 'yar gidanmu mai aikin jinya ta karɓe ragamar. A ranar farko aka yi gwajin yatsa, layi ɗaya ya fito, na wurin harafin C, wato gwajin ya yi aiki kuma babu maleriya. Yarinyar ba ta sha maganin maleriya ba a watannin nan. Ta hana a ba ta komai sai farasitamol da ruwa mai yawa. Ta sayo ma'aunin zafi, ta ja layi a bayan kalanda, safe da yamma ana rubutawa kafin a ba da farasitamol. Yammacin farko 38.0, na biyu 38.5, na uku 39.1. Da safiyar rana ta huɗu muka kai ta asibitin da kalandar a hannu. Aka sake duba maleriya a madubi, domin gwaji ɗaya kan iya kuskure idan ƙwayar ba ta yi yawa ba, ba a ga komai ba. Aka duba fitsari da maƙogwaro da ƙirji. Sannan aka ɗebi jinin kalca, bayan an ɗiba ne likita ya fara ba ta magani, bai jira sakamako ba, ganin yayanta na kwance da cutar kuma ruwa ɗaya suke sha. Babu wanda ya yi maganar Widal.

Bayan kwana uku aka kira baban: ƙwayar ta tsiro, Salmonella Typhi ce, kuma takardar ta jero magungunan da take ji da waɗanda ba ta ji. Wanda aka fara mata yana cikin masu aiki, aka ce a ci gaba. Sai ga wata sabuwar gardama a gida, domin kwana uku da fara magani jikinta bai huce ba, uwar ta ce a canja. Likitan ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, taifot ba maleriya ba ce. Ko maganin ya dace, zazzaɓinta kan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin ya sauka, wani lokaci har ya ɗan wuce. Ki duba ko tana karɓar abinci, ko tana kula ki in kin yi magana." A rana ta biyar lambar kalanda ta sauko ƙasa da 38, ta nemi koko. Aka ƙarasa mata kwanakin maganin duka. Ba ta kwana asibiti ko ɗaya ba.

Yara biyu a gida ɗaya ya sa muka juya kan rijiyarmu. Da muka auna da ƙafa, tsakaninta da ramin bayi bai fi taku goma sha biyu ba, bakinta ya tsage, ruwan sama na kwararowa ciki daga kwata. An kuma gaya mana cewa cikin waɗanda suka warke daga taifot akwai 'yan kaɗan da ƙwayar ke zama a matsarmamarsu, suna fitar da ita a bayan gida shekara da shekaru ba tare da ciwo ba, kuma irin wannan ba Widal ke gano shi ba, sai kalcar bayan gida. Muka haɗa kuɗi aka ɗaga bakin rijiyar da siminti aka yi mata murfi, guga ɗaya aka rataye, ruwan sha kuwa kowane ɗaki yana tafasawa. Maganar ramin bayin har yanzu muna kai da komo da mai gida.

Shi kuwa kawun, bayan wata biyu, lafiyarsa ƙalau yana tura kayansa, muka matsa masa ya koma ɗakin gwajin nan mu gani. Ya biya kuɗinsa, aka ɗebi jini, bayan awa ɗaya aka miƙo takarda: 1/160, da jan biro, kamar wancan karon. Mai gwajin ya ce taifot ɗin ba ta fita duka ba, ya kamata a ƙara masa ruwa. Ya karɓi takardarsa ya dawo gida, tana nan a ƙarƙashin katifarsa tare da ta farkon.